Idan zafi ko sanyi ya hana wayarka caji: abin da za ka yi daki-daki

Tambayar nan ta yi ta zuwa, kuma kusan kalmomi ɗaya ake amfani da su: "Wayata tana caji lafiya da dare, amma da rana sai ta yi ta jan ƙafa, ko ta tsaya cak a kashi 80." Wasu kuma masu zama a ƙasashen da ƙanƙara ke sauka sukan ce sun shigo daga waje, sun jona waya, ta ƙi karɓa sam. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu tambayar sun riga sun sayi sabuwar caja, wasu ma har sun canza batir, alhali babu abin da ya lalace. Wayar ce da kanta ta rage wutar da take sha domin ta kare batirinta. Don haka kafin ka kashe ko sisi, bi matakan nan a jere, kada ka tsallake na farko.

1. Fara sanin iyakar da wayar ke aiki da ita

Batirin da ke cikin kusan kowace wayar zamani na lithiyam ne, kuma irin wannan batir ana yi masa caji ne tsakanin digiri 0 da digiri 45 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafin jikin batirin ne, ba zafin ɗaki ba. Shi ya sa kamfanonin waya irin su Apple da Samsung suke cewa a yi amfani da wayoyinsu inda zafin wuri yake tsakanin digiri 0 da 35, domin batir da ke shan caji yakan ɗara wurin da yake zafi da wasu digirori. Apple ya ƙara da cewa inda batir ya fi jin daɗi shi ne tsakanin digiri 16 da 22.

A jikin batirin akwai wata 'yar na'ura mai jin zafi, ba ta kai ƙwayar ashana ba, wadda kullum take sanar da wayar halin da ake ciki. Da abin da ta faɗa wayar ke yanke hukunci. Ƙa'idar da masu ƙera wayoyi da yawa ke bi tana tafiya kamar haka: ƙasa da digiri 0 babu caji, daga 0 zuwa 10 a yi caji a hankali, daga 10 zuwa 45 a yi yadda aka saba, daga 45 zuwa 60 a rage, kuma kada a cika batirin, sama da 60 a yanke gaba ɗaya. Kowane kamfani yana ɗan matsa waɗannan lambobin, kuma a aikace wayoyi masu caji mai sauri kan fara sassautawa tun batir yana wajen digiri 40, ba sa jira sai ya kai 45.

Ka riƙe wannan, domin a kansa sauran matakan suka ginu: jinkirin caji a cikin zafi ko sanyi umarni ne da wayar ta ba kanta. Cajarka na iya ba da wat 45, amma wayar ce ke cewa nawa za ta karɓa.

2. Auna zafin batirin, kada ka dogara da tafin hannu

Tafin hannu yana ruɗi. Waya mai riga mai kauri za ta iya yi maka ɗumi kawai a waje alhali cikinta ya yi zafi sosai, haka kuma waya mai bayan ƙarfe kan ji zau a hannu ba tare da batirinta ya wuce iyaka ba.

A wayoyin Android akwai hanyoyi uku. Ta farko, ka shiga wurin buga lamba ka danna `*#*#4636#*#*`. A wasu wayoyin zai buɗe shafin da ke nuna bayanin batir, a wasu kuma ba zai buɗe komai ba, ko ya buɗe babu batir a ciki. Idan haka ta faru, ba matsala ba ce, ka koma hanya ta biyu, wato manhaja mai karanta batir irin su AccuBattery ko Ampere. Waɗannan suna nuna zafin batir da kuma yawan wutar da ke shiga, kuma za mu buƙaci duka biyun nan gaba. Hanya ta uku ta masu kwamfuta ce waɗanda suka kunna `USB debugging` a wayarsu. Ka jona wayar da kwamfutar da ke da manhajar `adb`, ka rubuta wannan a kwamfutar:

```
adb shell dumpsys battery
```

A cikin abin da zai fito ka nemi layin `temperature`. Lambar da ke wurin a raba ta da 10, wato 385 na nufin digiri 38.5.

iPhone ba ta nuna wannan lambar a cikin saitinta, amma takan faɗa da bakinta. Idan ka ga `Charging On Hold` a allo, ta dakatar da caji ne har sai zafinta ya dawo daidai. Idan kuma allon ya koma baƙi da hoton ma'aunin zafi da rubutun `iPhone needs to cool down before you can use it`, to abin ya wuce batun caji, wayar gaba ɗaya ta tsaya don ta huce. Wayoyin Samsung ma sukan fito da saƙon cewa an dakatar da caji saboda zafin batir ya yi yawa ko ya yi ƙasa.

Gargaɗi: tsayawa a kashi 80 ba kullum ne zafi ke kawo shi ba. Ka leƙa saitin batir tukuna. A iPhone akwai `Optimized Battery Charging`, a Samsung akwai `Battery protection` ko `Protect battery`, kuma aikinsu ke nan su tsayar da caji a 80 ko 85 da gangan. Idan ɗaya daga cikinsu a kunne yake kuma wayar ba ta da zafi, babu abin gyarawa.

3. Idan zafi ne: cire caja, sannan ka huce wayar

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Jeri yana da muhimmanci.

Da farko cire cajar. Mutane da yawa kan bar ta a jone suna jiran wayar ta huce, alhali cajin kansa yana ƙara zafi. Sai ka cire rigar wayar, musamman idan ta roba ce mai kauri ko ta fata mai murfi, domin ta bayanta da gefunanta waya ke fitar da zafi. Daga nan ka rufe abin da ke sa ta aiki tuƙuru: taswira mai nuna hanya, kiran bidiyo, kyamara, wasanni, da raba data ga wasu wayoyi. Ka kashe allon. Idan ba ka jiran kira, sa ta a yanayin jirgi ko ka kashe ta ɗungurungum. Wannan ya fi amfani a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, domin waya na ƙara ƙarfin da take neman eriya da shi, kuma wannan ma zafi ne.

Sai wurin ajiya. Ka ɗora ta a inuwa, a kan abu mai tauri da sanyi kamar tayil ko tebur na ƙarfe da rana ba ta taɓa ba, inda iska ke wucewa. Fanka na taimakawa ƙwarai. Katifa, filo, kujerar mota da aljihu duk suna tare zafi. Ka ba ta minti 15 zuwa 30, sannan ka sake aunawa. Idan batir ya sauko ƙasa da digiri 35, za ka iya mayar da caja.

Gargaɗi: kada ka sa ta a firji ko firiza, kuma kada ka ɗora ta a kan ƙanƙara. Waya mai zafi da ta yi sanyi farat ɗaya, da ka fito da ita raɓa za ta taru a jikinta, har cikin bakin caji da sassan da ido ba ya gani. Ka gudu daga jinkirin rabin awa, ka faɗa cikin tsatsa da haɗuwar wuta. Haka nan kada ka tsoma ta a ruwa ko da an rubuta cewa ba ta jin ruwa, domin wannan kariyar tana raguwa da tsufan waya, musamman wadda ta taɓa faɗuwa ko aka taɓa buɗe ta.

Idan wurin da kake zafinsa ya haura digiri 35 kuma babu yadda za ka yi, to ka rage saurin cajin da kanka. A Samsung ana iya kashe `Fast charging` a saitin batir. A sauran wayoyi, ka yi amfani da ƙaramar caja mai wat 5 ko 10. Zai yi kama da ja da baya, amma caji a hankali wanda ba ya tsayawa yakan riga mai sauri da ke yi yana katsewa. Kuma a irin wannan yanayi ka ajiye faifan caji mara igiya gefe, domin wani kaso na wutarsa zafi yake komawa, a daidai bayan wayar inda batir yake.

4. Misali: wayar da ke manne a gilashin mota

A ce direba ne mai waya da batir mai ƙarfin 5000 mAh da caja mai wat 25. Irin wannan batir yana ɗaukar wuta kimanin wat 19 na awa guda, domin 5000 sau volt 3.85 na batirin ya ba da 19,250, a raba da dubu. Da dare a ɗaki mai iska, wayar kan cika a cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma da rana ya manna ta a gilashin gaba, rana na dukan bayanta, taswira a kunne, hasken allo a ƙure, caja a jone. Bayan tafiyar awa guda sai ya ga daga kashi 30 ta koma 33 kacal. Zuciyarsa za ta ce masa cajar mota ce ta mutu.

Ga yadda zai bincika. Ya tsaya a gefe, ya buɗe manhajar batir. A ce ta nuna digiri 44, wutar da ke shiga batir kuma 150 mA. Lissafin mai sauƙi ne, W shi ne wat, mA wutar da ke shiga, V kuma volt ɗin batir, wanda a nan yake wajen 3.9:

```
W = (mA × V) ÷ 1000
(150 × 3.9) ÷ 1000 = 0.6
```

Wato abin da ke isa batir bai kai wat ɗaya ba. Wayar ta rage abin da take karɓa saboda zafi, ɗan abin da ya shigo kuma allo da taswira sun cinye kusan duka. Sai ya cire caja, ya zare riga, ya kashe allo, ya ajiye ta a inuwa kusa da inda iskar sanyi ke fitowa na minti 20. Ya sake dubawa, ya ga digiri 33. Ya mayar da wannan cajar dai da wannan igiyar, bai canza komai ba, sai manhajar ta nuna 4000 mA, wato wajen wat 16. To shi ke nan, an wanke caja da igiya daga zargi. Maganinsa kawai ya sauya wa wayar mazauni daga gilashi zuwa inda rana ba ta kai, ya kuma cika ta kafin ya fita.

Abin lura a misalin shi ne abu ɗaya kawai aka canza, wato zafi. Da ya sauya igiya a lokacin da yake huce wayar, da ba zai san wanne ne ya yi aiki ba, kuma da ya jefar da igiya mai lafiya. Sannan a yi gwajin lokacin da batir ke ƙasa da rabi, domin daga wajen kashi 80 zuwa sama kowace waya tana rage gudu ko da babu zafi.

5. Idan sanyi ne: ɗumama tukuna, caji daga baya

Sanyi ya fi zafi yaudara, domin ba ya tsorata mutum. A lokacin caji, ƙwayoyin lithiyam suna ratsa ruwan da ke cikin batir su shige cikin wani ɓangare na baƙin sinadari da ake kira girafayit. Idan sanyi ya yi yawa, ruwan yana yin kauri, shigar kuma tana yin wuya. In aka ci gaba da tura wuta da ƙarfi, sai ya zama kamar jama'a sun taru a ƙofar da aka buɗe ɗan kaɗan: waɗanda ba su samu shiga ba su cunkushe a bakinta. Wannan lithiyam da ya taru a waje yana daskarewa ya zama ƙarfe, kuma mafi yawansa ba ya komawa aiki. Batir ya rasa ƙarfi ke nan har abada, kuma idan abin ya yi ta maimaituwa, ƙarfen na iya yin tsini ya huda siririn bangon da ya raba ɓangarorin batir biyu, wanda kan kai ga haɗuwar wuta. Dalilin da ya sa waya ke ƙin caji ƙasa da digiri 0 ke nan, kuma gaskiyarta ce.

Amfani da waya a sanyi bai kai yi mata caji a sanyi haɗari ba. Takan mutu farat ɗaya tana kashi 30 ko 20, amma wutar ba ta ɓace ba, batir ne ya kasa fitar da ita da sauri. Da ta ji ɗumi yawanci za ta kunnu da abin da ya rage. Kuskuren shi ne mutum ya ga ta mutu, ya ɗauka ta ƙare, ya jona fawabank nan take a tsakiyar ƙanƙara.

Abin yi shi ne ka sa ta a aljihun ciki kusa da jikinka, ko ka shiga da ita ɗaki ka ajiye. Ka jira minti 30 zuwa awa ɗaya. Waya da ta kwana a mota cikin ƙanƙara tana buƙatar fiye da haka, domin bayanta kan yi ɗumi kafin cikinta. Kafin ka jona, duba gilashin kyamara da allo: idan ka ga hazo ko damshi, to akwai raɓa, ka ƙara jira ta bushe. Idan za ka iya aunawa, ka bari batir ya haura digiri 10.

Gargaɗi: kada ka ɗora ta a kan hita ko murhu, kada ka kusanta ta da wuta, kada ka hura mata na'urar busar da gashi. Waɗannan suna ƙona waje kafin ciki ya ji, suna sassauta gam ɗin da ya riƙe allo da baya, kuma suna iya kai wani gefen batir ga zafin da ya fi sanyin illa. Idan ka jona sai wayar ta nuna saƙon danshi a bakin caji, kamar `Liquid Detected` a iPhone, ka zare igiyar, ka ajiye wayar inda iska ke kaɗawa. Yakan ɗauki rabin awa, wani lokaci har yini guda. Kada ka cusa tsinke ko auduga a ciki.

Fawabank ma batirin lithiyam ne, duk abin da aka faɗa ya shafe shi, kuma masu arha ba lallai ne suna da kariyar da waya ke da ita ba. Kada ka yi masa caji yana daskare, kada kuma ka bar shi a mota da rana.

6. Idan zafin ya daidaita amma har yanzu ta ƙi

Sai yanzu ne ya dace a fara zargin kaya, kuma a fara daga mafi arha. Gwada wata igiyar da ka tabbatar tana aiki, sannan wani kan caja, ɗaya bayan ɗaya. Haska fitila cikin bakin caji ka ga ko ƙura da zaren aljihu sun danƙare har igiya ba ta shiga ta zauna. Kashe wayar ka kunna. Duk waɗannan ba sa cin kuɗi, ko kuma kaɗan suke ci.

Akwai matsala guda da ke kama da ta yanayi amma ba ita ba ce, kuma ina so a gane ta. Wayar tana cikin ɗaki mai daɗi tun awa biyu, a hannu ba zafi ba sanyi, amma tana cewa batir ya yi sanyi da yawa ko ya yi zafi da yawa. Ka duba lambar da manhaja ke nunawa. Idan ta nuna abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar ƙasa da sifili a ɗaki mai ɗumi, ko ta tsaya a lamba ɗaya ba ta motsi ko kana caji ko ba ka yi, ko tana tsalle daga 30 zuwa 70 cikin daƙiƙa, to 'yar na'urar nan mai jin zafi ce ta lalace, ko mahaɗinta ya saki. Yakan biyo bayan faɗuwa, shigar ruwa, ko canjin batir da ba a yi da kyau ba. A wasu wayoyin irin wannan na'ura tana kan ƙaramin allon lantarki da bakin caji yake, ko a kan naɗin caji mara igiya, don haka canza wannan ɓangaren kan wadatar, kuma ya fi taɓa babban allon lantarki na cikin wayar arha nesa ba kusa ba. Ka nuna wa mai gyara lambar da ka gani, zai rage masa lalube, kai kuma ya rage maka kuɗi.

Gargaɗi: idan mai gyara ya ce zai cire na'urar ya sa wani abu da zai riƙa gaya wa wayar cewa kullum zafinta daidai ne, kada ka yarda. Saƙon zai ɓace, caji zai dawo, amma daga ranar wayar ta makance, za ta ci gaba da tura wuta ko batir ya kai digiri 60.

7. Yadda za ka gane batirin ya riga ya ji jiki

Tsohon batir ya fi sabo saurin ɗaukar zafi a caji, kuma ya fi shi saurin mutuwa a sanyi, don haka idan wayar da a da ba ta damu da yanayi ba ta fara yin haka kullum, ka duba lafiyarsa. A iPhone ka shiga `Battery Health` ka duba `Maximum Capacity`. Idan ya sauka ƙasa da kashi 80, lokacin canji ya yi. A Samsung akwai gwajin batir a cikin manhajar Samsung Members. Abin da ya fi tsufar da batir da wuri shi ne haɗuwar abu biyu: a cike yake dam, kuma yana cikin zafi. Wanda ya saba barin waya a jone kwana guda a ƙarƙashin filo, ko yini guda a mota, shi ya fi dacewa ya kunna saitin nan mai tsayar da caji a 80.

Alama ta ƙarshe ba ta buƙatar manhaja. Ɗora wayar a kan tebur mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ka duba ta gefe. Idan bayanta ya ɗago, ko allo ya fara rabuwa da jiki, ko tana lilo idan ka taɓa kusurwarta alhali ba tudun kyamara ne ya jawo ba, batir ya kumbura. Haka idan kana jin wani wari mai kama da na sinadarin goge fenti daga jikinta. A wannan hali babu sauran batun hucewa ko ɗumamawa. Kada ka sake jona ta, kada ka danna kumburin don ya koma, kada ka huda shi. Kashe ta, ka ajiye ta a kan tayil ko siminti nesa da abin da ke kama wuta, ka kai wa mai gyara ya cire batirin, shi kuma tsohon a miƙa shi wurin da ake karɓar tsofaffin batura, ba a jefa shi cikin shara ko wuta ba.